Damfara a kan damfara: Yadda masu alƙawarin dawo da kuɗin da aka sace ke sake yashe waɗanda aka cuta

A tsakiyar watan Afrilun 2025 dandalin CBEX, wanda ya yi wa jama'a alƙawarin ninka kuɗinsu cikin kwana 30, ya rufe ƙofar cirar kuɗi, dubban 'yan Najeriya suka wayi gari jarinsu ya salwanta. Abin da ya biyo baya ya fi dacewa mutanen Birnin Kudu da Gwaram su yi nazari a kai, domin irinsa na iya samun duk wanda ya taɓa yin asara a hannun 'yan damfara, ko da bai taɓa jin sunan CBEX ba.

A watan Yunin 2025 Hukumar Kula da Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya, SEC, ta yi gargaɗin cewa dandalin ya sake ɓullowa, yana neman waɗanda kuɗinsu ya maƙale su biya wani kuɗi kafin a bar su su cira: dala 200 ga wanda asusunsa ya haura dala 1,000, dala 100 ga wanda bai kai haka ba. Hukumar ta jaddada cewa CBEX ba shi da rajista a wurinta. Wato wanda ya yi sata shi ne ya dawo yana sayar da tikitin karɓar kayan da ya sace.

A ƙaddara wani mai sayen hatsi ne a kasuwar Sara, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, ya zuba naira 960,000 bayan kaka. A canjin wancan lokaci, kusan naira 1,600 kowace dala a kasuwar bayan fage, wannan ya kama dala 600. Bayan wata guda wayarsa ta nuna masa dala 1,200, sai dandalin ya rufe. Yanzu an ce ya kawo dala 200, wato naira 320,000, kashi ɗaya cikin uku na ainihin jarinsa. A lissafinsa, zai ba da 320,000 ya karɓi kusan miliyan biyu, don haka yake ganin cinikin da riba. Amma dala 1,200 ɗin nan ba ta ajiye a ko'ina. Lamba ce masu dandalin suka rubuta, kuma ribar bogin da suka ƙara masa ita ce ta ɗaga shi zuwa rukunin masu biyan dala 200. Idan ya biya, asararsa ta tashi daga naira 960,000 zuwa 1,280,000.

Tambaya guda ta isa ta tona asirin: idan har kuɗin na nan, me ya hana a cire ladan aikin daga ciki a miƙo masa ragowar? Ko dillalin shanu sai ciniki ya faɗa yake karɓar la'ada. Wanda ya nace sai an turo masa sabon kuɗi daga aljihu kafin ya saki tsoho, ya nuna cewa babu tsohon a hannunsa.

Ba masu dandalin kaɗai ke wannan sana'a ba. Da zarar wani shiri ya rushe, waɗanda abin ya shafa sukan buɗe zauruka a WhatsApp da Telegram don jajanta wa juna, su riƙa rubuta adadin da suka yi asara da lambobin wayarsu. Wannan jerin suna shi ne jarin ɗan damfara na biyu. Zai kira mutum da cikakken sunansa, ya faɗi adadin da ya zuba, ya gabatar da kansa a matsayin lauya, ko jami'in EFCC, ko masanin bin sawun kuɗin intanet. Sanin waɗannan bayanai yakan sa a amince da shi, alhali daga zauren ya kwashe su, ko daga takardun shaida da mutumin ya ɗora lokacin buɗe asusu. Daga nan sai kuɗin buɗe fayil, sai na haraji, sai na hatimin kotu, kowanne ana cewa shi ne na ƙarshe. Wani lokaci ma ba kuɗi zai nema ba, lambar BVN da lambar sirrin da banki ke turowa ta waya zai nema, wai don a san asusun da za a mayar da kuɗin, da su kuma zai kwashe abin da ya rage.

Salon ya game duniya. A watan Yunin 2024 hukumar FBI ta Amurka ta ce tsakanin Fabrairun 2023 da Fabrairun 2024 kamfanonin lauyoyi na bogi sun karɓe fiye da dala miliyan 9.9 daga mutanen da dama an riga an damfare su ta hanyar kuɗin intanet.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara wa mutanen karkara rauni. Na farko kunya ce. Magidancin da ya zuba kuɗin adashin matarsa ko na sayar da bijimi ba ya son maganar ta fita gari, ɗan damfara kuwa sirri yake so, har yakan ce faɗa wa wani zai ɓata binciken. Na biyu hanyar biya ce. Mutumin ƙauye yakan miƙa tsabar kuɗi ga mai POS ya tura masa, ko ya ba wani yaro ya saya masa USDT. Ta haka sunansa ba ya cikin cinikin, kuma kuɗin intanet idan ya tafi babu bankin da zai iya janyo shi.

Hanyar gaskiya ba ta da sauri, amma kyauta ce. Idan ta banki kuɗin ya fita, matakin farko shi ne sanar da bankin nan take da lambar cinikin, domin a nemi bankin da ya karɓa ya riƙe asusun kafin a rarraba kuɗin, abin da kan faru cikin sa'o'i. Idan mako biyu ya wuce bankin bai warware koken ba, ana iya kai shi Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Ana kuma rubuta koke ga EFCC a ofishinta na shiyyar Kano, ko ta manhajarta ta Eagle Eye, haɗe da rasit da hotunan saƙonni. Hukumar ba ta karɓar kuɗi a kan koke. Neman kuɗi da alƙawarin ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, mai hukuncin ɗaurin shekara 7 zuwa 20.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Ko an ƙwato wani abu, sai kotu ta ba da umarnin mallake shi kafin a yi maganar rabo, kuma shugaban EFCC, Ola Olukoyede, ya fito fili ya ce hukumar ba za ta iya lamunce wa kowane mai jari a CBEX cikakken kuɗinsa ba. Idan hukumar da ke da ikon kama mutane da rufe asusu ta kasa yin wannan alƙawari, baƙon da ya kira ta waya ya ce zai dawo da komai cikin kwana uku, da sharaɗin a fara biyansa, abin da ya rage a aljihun mai asarar yake nema.