Yadda Shugaba Zai Faɗa Wa Ma'aikata Albashi Ya Makara

Wanda duk ya tsaya a Ƙofar Ɗan Agundi da sassafe zai ga ma'aikata suna ta fitowa daga cikin birni, waɗansu a ƙafa, waɗansu a babur, waɗansu a adaidaita sahu, kowa ya nufi wurin da yake neman abincinsa. Galibinsu tun wata bai raba tsakiya ba sun riga sun kasafta albashin da bai zo ba. Akwai rabon mai kanti wanda ya ba da shinkafa bashi, akwai na mai haya, akwai zubin adashi, akwai kuɗin makarantar yara. Saboda haka ran da albashi ya makara, ba mutum guda abin ya shafa ba, ya shafi duk waɗanda ya yi wa alkawari.

Makarar albashi kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Da farashin man fetur ya faɗi daga sama da dala 100 kowace ganga a tsakiyar 2014, jihohi da yawa suka kasa biyan ma'aikatansu watanni, har a 2015 Gwamnatin Tarayya ta agaza musu da rance don su biya. A Kano ma, ma'aikatan jiha sun ga albashinsu na Nuwamba da Disamba na 2020 ya zo da giɓi, sa'an nan a farkon 2021 aka ji daga bakin gwamnati cewa an koma tsohon ma'auni ne saboda karayar tattalin arziki da annobar korona ta kawo. Da aka sake samun ragi a albashin Maris na 2021, ƙungiyar ƙwadago ta yi shirin yajin aiki, sai da aka zauna aka daidaita sa'an nan ta janye. Abin lura a nan shi ne, rashin kuɗi ciwo ne guda, amma mutum ya fara jin labarin daga alat ɗin wayarsa ciwo ne na biyu. Na farkon sau da yawa ba ya hannun shugaban wurin aiki. Na biyun kuwa lalle a hannunsa yake.

To, ga inda shugabanni da yawa suke kuskure, kuma da kyakkyawar niyya suke yinsa. Bahaushe ya gaji wata hanya ta faɗin mugun labari, wadda ta rasuwa ce. A kan ce wa mutum jikin wane ya yi tsanani, a bari ya zauna, a yi ta lallaɓa shi har zuciyarsa ta riga kunnensa sani. Wannan hanya daidai take a wurinta, domin wanda aka yi wa rasuwa ba abin da zai iya gyarawa, sassauci kurum yake bukata. Amma wanda albashinsa ya makara yana da abin yi, kuma da gaggawa. Zai je ya ga mai haya, ya roƙi uwar adashi ta ɗaga masa, ya rage cefane. Abin da yake bukata shi ne adadi da rana. Wanda ya yi masa kewaye-kewaye irin na ta'aziyya ya jinkirta masa shiri ne, ba tausaya masa ya yi ba.

A ƙaddara wata makaranta ta kuɗi kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, mai ma'aikata 20. Shida daga ciki ƙananan ma'aikata ne, watau masu gadi da masu shara da masinja, kowa yana ɗaukar naira 70,000. Sauran 14 malamai ne, har da hedimasta, a ce kowa naira 100,000. Jimlar albashi ta kama naira 1,820,000, ana biya ran 28 ga wata. Ran 23 akawu ya kawo lissafi, aka ga abin da ke asusu naira 1,120,000 ne kurum, domin iyayen yara da yawa ba su kawo kuɗin zango ba.

Abu na farko shi ne lokaci. Ran 23 hedimasta ya sani, to, ran 24 ya kamata ma'aikata su sani. Kwana huɗun nan da suka rage dukiya ce a hannunsu, domin mai bin bashi ya fi sauraron wanda ya zo masa kafin ranar alkawari bisa wanda sai an biyo shi gida. Daren guda da aka bari a tsakani kuwa na yanke shawara ne, don kada shugaba ya tsaya gaban mutane bai san abin da zai yi da kuɗin da ke akwai ba. A nan shawarar ita ce a biya ƙananan ma'aikata shida cif, naira 420,000 ke nan, saura naira 700,000 a raba wa malamai 14, kowa ya sami naira 50,000, watau rabin albashinsa. Sa'an nan a tara su duka wuri guda bayan an tashi yara. In aka kira su ɗai-ɗai, kafin a kai ga na biyar labari ya riga ya gama makaranta, kuma ya canja kama.

Abu na biyu shi ne jerin maganar. Gaisuwa ba a barin ta, amma a taƙaita, domin wanda aka kira taron da ba a saba ba gabansa na faɗuwa, kuma kowace kalma ta share fage ƙara masa fargaba take yi. Bayan sallama sai ya ce: "Malamai, da Baba maigadi da sauran abokan aiki, na tara ku ne a kan albashin wannan wata, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. Ran 28 ba za mu iya biyan kowa cikakken albashi ba. Masu gadi da masu shara da masinja za su sami nasu duka. Mu malamai, har da ni, kowa zai sami rabi, naira dubu hamsin."

Daga nan sai ya yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi wuya ga mai magana, shi ne kuma mafi amfani ga mai sauraro. Wanda ya ji an ce rabi, nan take zuciyarsa ta bar ɗakin ta tafi lissafin mai kanti da mai haya, duk abin da aka faɗa masa a wannan hali iska ce ta kwashe. Malamin da ya daɗe yana biya wa yara karatu ya san haka: ba ya ɗora wani gaɓa sai wanda ya biya ya zauna. To, a bar su gwargwadon numfashi uku ko huɗu, har a ga kawuna sun fara ɗagowa, sa'an nan a maimaita adadin da ranar sau guda, da kalmomin farko ba canji. In an canja lafazi, wani zai ɗauka magana ce ta biyu.

Bayan wannan ne dalili yake zuwa, ba kafin ba. Dalilin da ya riga labari kama yake da kare kai, wanda ya biyo bayansa kuwa bayani ne. A faɗe shi a taƙaice da lissafinsa: "Albashinmu duka naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da ashirin ne, abin da ke asusu miliyan ɗaya da dubu ɗari da ashirin. Littafin yana wurin akawu, wanda ya so ya duba." Kada ya tsaya ba su labarin tsadar rayuwa, sun fi shi sani.

Abu na uku shi ne zaɓen kalma. Akwai lafuzza da suka yi kama da ladabi alhali kuwa ɓoyo ne. "An sami ɗan jinkiri" na cikinsu, domin rabin albashi ba ɗan abu ba ne ga mai iyali, kuma "an" ba ta nuna wanda za a tambaya. "Nan ba da daɗewa ba" ita ma haka, domin malamin ba zai iya kai ta wurin mai haya ba. "In Allah ya yarda" wajibi ce a kan duk abin da ke gaba, amma tare da rana take tafiya, ba a maimakon rana ba. "A yi haƙuri" kuwa a ƙarshe ake faɗinta, da sigar roƙo, domin albashi haƙƙi ne ba kyauta ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta ƙayyade cewa tsakanin biya da biya kada ya wuce wata guda. Wanda ake bi ba ya yi wa mai binsa wa'azin haƙuri.

Saura tambayar da ba makawa sai an yi ta: "Ranka ya daɗe, sauran rabin fa, yaushe?" A nan ne shugaba yakan ji nauyin idanu, ya yanka ranar da ba shi da iko a kanta, don dai a tashi lafiya. Alkawari kuwa kaya ne. Naira 700,000 da suka rage suna aljihun iyayen yara, ba ya san ran da za su shigo. Abin da ke hannunsa shi ne ranar da zai sake tsayawa gabansu. Sai ya ce: "Ranar biyan sauran ba zan yanke muku ita yau ba, domin ba na son in faɗi abin da zan saɓa. Amma ran 10 ga watan gobe, in Allah ya kai mu, zan tara ku a nan in gaya muku abin da ya shigo, kuma duk abin da ya shigo albashinku za a fara da shi. Wanda yake da larura ta asibiti ko ta haya ya same ni a ofis shi kaɗai." Wannan ƙofar ta ƙarshe tilas ce, domin mai kunya ba zai buɗe cikinsa a gaban jama'a ba.

Ana iya gane ko maganar ta shiga. In an watse ba wanda ya yi tambaya, sa'an nan aka ga an yi gungu-gungu a bakin ƙofa, ko aka ga mutane na zagayawa wurin akawu suna tambayarsa nawa ne kuma yaushe, to, ba a faɗa sosai ba. In kuwa tambayoyi sun fito a cikin ɗakin, ko da da zafi, kuma mutum biyu da aka tambaya dabam-dabam suka faɗi adadi guda da rana guda, an isar da saƙo.

Wani zai ce faɗin gaskiya ƙarara haka zai sa ƙwararrun malamai su nemi wani wuri. Mai yiwuwa ne ɗaya ko biyu su tafi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne: ran 28 na nan tafe ko an faɗa ko an ɓoye, kuma wanda ya ga rabin albashi a wayarsa ba da an gaya masa ba, daga ranar ba zai ƙara gaskata hedimasta ba, ko da a kan lokacin jarrabawa ne. Kyakkyawan lafazi dai ba ya cika tukunya, kuma ba a yin irin wannan taro wata uku a jere ya ci gaba da tasiri. Duk abin da yake saya wa shugaba shi ne amincewa zuwa ran 10 ga wata. In ranar ta zo, ko an sami kuɗi ko ba a samu ba, ya tabbata shi ne farkon shiga ɗakin.