Ana Koya wa Ɗalibanmu Maganin Cutar da Ba Ita Ke Kashe Kamfanoninmu Ba

Duk ɗalibin da ya zauna darasin shari'ar kamfanoni ko na sha'anin kuɗi a jami'o'inmu, tun kafin zangon karatu ya yi nisa za a gabatar masa da mas'alar wakilci, a ce masa masu hannun jari su ne masu dukiya, manajoji kuwa wakilansu ne, kuma tunda wakili mutum ne mai son kansa, ba makawa zai karkata ga maslahar kansa ya bar ta wanda ya wakilta shi. Daga nan sai a jero masa magunguna, a ce a ba manaja hannun jari domin ribarsa ta haɗu da ta masu dukiya, a cika hukumar gudanarwa da daraktoci masu zaman kansu, a bar kasuwa ta hukunta raggon manaja ta hanyar saye kamfanin a kore shi. Ni dai ina ganin wannan karatu, yadda ake bayar da shi a matsayin asalin babin gaba ɗaya, yana ɓatar da ɗalibi, domin kuwa yana siffanta masa wani irin kamfani da ba safai zai gamu da shi ba idan ya fita aiki.

Asalin wannan fahimta sananne ne. A shekarar 1932 Berle da Means suka bayyana yadda hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka suka warwatsu a hannun dubban mutane, har ya zamana babu mai isasshen kaso da zai iya tsawatar wa shugabannin kamfani, sannan a 1976 Jensen da Meckling suka zuba wannan a ma'aunin lissafi. Hujjarsu tana da ƙarfi a muhallinta. Amma binciken da La Porta da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna cewa a akasarin ƙasashe, in ka ɗebe irin su Amurka da Birtaniya, manyan kamfanoni suna hannun iyali guda ne ko gwamnati, kuma duk wanda ya leƙa jerin manyan kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Legas zai tarar da haka: ko dai attajiri guda ne ke riƙe da rinjaye, ko kuwa uwar kamfani da ke ƙetare. A irin wannan gida manaja ba ya gagarar kowa, waya ɗaya daga mai rinjaye ta isa ta raba shi da kujerarsa. Wanda ake zalunta shi ne ƙaramin mai hannun jari, malamin makarantar da ya sayi 'yan ɗaruruwa da kuɗin sallamarsa, da kuma mai bin kamfani bashi.

Bari mu ƙaddara misali domin a ga yadda illar take aukuwa. Mutum yana da kashi 60 cikin ɗari na wani kamfani da ke kasuwa, yana kuma da wani kamfanin sufuri nasa shi kaɗai. Sai ya sa kamfani na farko ya ba na biyun kwangilar jigilar kaya da ƙarin naira miliyan 100 bisa farashin gaskiya. A kamfanin farko ya yi hasarar miliyan 60, wato rabonsa, a na biyu ya karɓi miliyan 100 cif, saboda haka ya tashi da miliyan 40 da suka fito daga aljihun sauran masu hannun jari, alhali kuwa ba a fasa akwati ba, ba a ƙirƙiri rasit ba. Idan kuwa ta hanyar kamfani a kan kamfani yake mulki, yana da kashi 51 na wani wanda shi kuma ke da kashi 51 na wannan, to haƙiƙanin rabonsa bai wuce kashi 26 ba, ribar wannan dabara kuma ta haura zuwa miliyan 74. To, wane magani daga cikin waɗanda aka haddace wa ɗalibi zai hana wannan? Ƙara wa manaja hannun jari ba zai hana ba. Saye kamfanin ba zai yiwu ba, tunda mai rinjaye ba ya sayarwa. Darakta mai zaman kansa kuwa, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanonin jama'a, da ƙuri'ar wa ake zaɓensa a babban taron shekara, kuma da ƙuri'ar wa ake tsige shi, in ba ta mutumin da aka ce ya sa wa ido ba?

Abin da ya faru a bankunanmu ya ishe mu dalili. Bayan haɗewar bankuna ta 2005, wadda ta mayar da su 25 daga 89, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin shugabancin bankuna a 2006, kuma a takarda kowane banki yana da hukumarsa, da kwamitin binciken kuɗi, da masu binciken waje. Duk da haka, ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Bankin na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, aka zuba musu naira biliyan 420 domin kada su durƙushe da ajiyar jama'a. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, wadda ta amsa laifi a kotu a 2010, ba baƙuwar ma'aikaciya ba ce da ke buƙatar a ɗanɗana mata hannun jari kafin ta ji kishin bankin, domin iyalinta su ne ƙashin bayansa. Haɗuwar mallaka da shugabanci, wadda littafi ya kira waraka, a nan ita ce ta buɗe ƙofar bai wa kai bashi, saboda mafi yawan kuɗin da banki ke juyawa na masu ajiya ne, idan kasada ta ci riba ta mai banki ce, idan ta faɗi kuwa masu ajiya da baitulmali ne ke ɗauka. Gaskiya ne Jensen da Meckling sun tattauna wannan saɓani tsakanin masu hannun jari da masu bin bashi, amma a ajinmu an mayar da shi ɗan ƙarin bayani da ake wucewa a gurguje kafin jarrabawa.

Malamanmu na fiƙihu, a babin ƙiradi, sun kama bakin zaren tun da daɗewa, inda suka shar'anta cewa ladan mai juya dukiyar wani ya zama wani yanki sananne na riba, suka kuma ɗora masa lamuni idan ya yi ta'addi ko sakaci. Rabon riba da lamunin ta'addi tare suke tafiya a wurinsu, mu kuwa muna karantar da na farko da zaƙuwa, muna taƙaita na biyu.

Saboda haka abin da ya cancanci ya zama tsakiyar darasin shi ne mu'amalar kamfani da makusantansa. A zaunar da ɗalibi da rahoton shekara na kamfani na gaske, a sa shi ya tsallake hotunan daraktoci da jawabin shugaba, ya buɗe bayanan da ke bayan lissafi, ya nemo inda aka faɗi abin da aka saya ko aka sayar wa kamfanonin daraktoci, da basussukan da 'yan uwan kamfani suka ci ba su biya ba shekara bayan shekara, da kuɗin da ake tura wa uwar kamfani da sunan taimakon fasaha ko ladan amfani da suna yayin da rabon riba ke raguwa. A koya masa cewa kariyar da ke da haƙori ita ce a hana mai maslaha jefa ƙuri'a a kan cinikin da ya shafe shi, a bar sauran masu hannun jari su yanke. A kuma karanta masa hukuncin Foss da Harbottle na 1843, wanda ya ce kamfani ne kaɗai ke da ikon ƙara a kan cutar da aka yi masa, a tambaye shi yadda kamfani zai kai ƙarar mutumin da ke riƙe da ƙuri'unsa, sannan a bi da shi togace-togacen da doka ta yi wa wannan ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, tare da lissafin kuɗin lauya da shekarun da ƙaramin mai hannun jari zai ɓatar a Babbar Kotun Tarayya kafin a saurare shi.