Minti goma gaban kwamiti

A yawancin jami'o'inmu, ɗalibin ajin ƙarshe yana samun kamar minti goma ya kare aikin bincikensa. Ra'ayina shi ne, shafukan da zai haska a allo kada su wuce goma, kuma kada su bi babi biyar na kundin sawu da ƙafa.

A ce ɗaliba ce a sashen aikin jarida, ta binciki yadda manoman Kura ke amfani da shirin noma na rediyo. Bayan shafin take, matsala za ta biyo, cikin jimla guda: ana watsa shirin, amma ba a san ko manoma na aiki da shawarwarinsa ba. Sai tambayoyin bincike, uku sun isa. Bitar ayyukan magabata, inda ɗalibai kan ƙone rabin lokacinsu, shafi ɗaya ya wadatar: abin da aka riga aka gano da giɓin da ya rage. Hanyar bincike kuwa ta faɗi mutum nawa aka tambaya, yadda aka zaɓe su da dalilin zaɓin, domin nan mai jarrabawa na waje ya fi matsa lamba.

Sakamako shi ya cancanci rabin lokacin. Kowace tambaya ta samu shafinta da jadawali ɗaya, kanun shafin kuma ya zama amsar kanta: “Yawancin manoman na saurare, kaɗan ke gwadawa”, maimakon “Jadawali na 4.2”. Idan ɗalibar ta jera kanun sakamakonta ta tarar akwai tambayar da ba ta da shafi, to kwamitin ma zai tarar.