Kafin ki shafa wa kwastoma rini: takardu biyu da ya kamata ki tanada

'Yar'uwa mai shagon gyaran gashi, yau da ke nake. Yawancin baƙin rinin gashi yana ɗauke da wani sinadari da za ki ga an rubuta PPD a jikin kwalinsa. Jikin wasu ba ya karɓarsa, kuma matsalar ba ta cika bayyana a shago ba. Sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙaiƙayi ya taso, kai ya yi ruwa, fatar ido ta kumbura. A lokacin ne ake fara musun wa ya ce me, kuma fatar baki ba ta raba wannan gardama.

Takarda ta farko ita ce ta amincewa da gwaji. Bayan suna da lambar waya, ki sa tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a. Rini ya taɓa sa ki ƙaiƙayi ko kumburi? Baƙin lalle ya taɓa ƙona ki? Akwai ciwo ko ƙuraje a kanki yanzu? Shekarunki sun kai 16? Tambayar baƙin lalle ta fi kowace nauyi, domin sau da yawa da wannan sinadarin ake haɗa shi, kuma wadda ya taɓa tayar wa fata tana iya kumbura sosai idan aka rina mata gashi. In ta ce e, ba rini, kuma kada ki gwada a jikinta. Likitan fata za ta gani.

Ƙasan takardar na gwaji ne. A ce amarya za a rina wa gashi ranar Alhamis. To ta zo Talata da ƙarfe 10 na safe. Ki haɗa ɗan rinin da za ki yi mata amfani da shi, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ko cikin lanƙwasar hannu, ki bi umarnin kwalin kan lokacin wankewa. Sai ki rubuta sunan rinin, lambar da kamfani ya buga a kwalin, ranar daina aikinsa, inda kika shafa da kuma lokacin. Awa 48 cif za a jira, wato Alhamis ƙarfe 10. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ki shafa wurin da yatsa ki ji ko ya yi tudu ko ƙananan ƙuraje, ki kuma tambaye ta ko ya yi ƙaiƙayi ko zafi. Ki rubuta abin da kika gani, ku sa hannu ku biyu. In kin canza rini, gwajin baya ya tashi. In kuma Alhamis ta fara zuwa tana cewa sauri ake, ki ba ta haƙuri.

Jimlar amincewar ta faɗi gaskiya: an yi mini bayani, na gane gwaji yana rage haɗari amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya, amsoshina gaskiya ne. Kada ki rubuta cewa duk abin da ya faru babu ruwanki. Sa hannu ba ya wanke sakaci. Abin da zai kare ki shi ne shaidar cewa kin tambaya, kin gwada, kin jira. Wadda ba ta karatu, ki karanta mata a gaban shaida, sannan ta dangwala yatsa.

Takarda ta biyu ita za ta tafi da ita gida, kuma shafi ɗaya ya isa. A sama ki sa sunan rinin da ranar da aka yi, domin ire-irensu muke fara tambaya a asibiti, mai ciwo kuwa sau da yawa sai ta ce baƙi ne kawai. Sannan ki raba alamun gida biyu. In ƙaiƙayi ne ko ƙuraje, ta wanke kan sosai da ruwa da sabulu mara ƙarfi, kada ta shafa man goge baki ko man bilicin, ta ga ma'aikacin lafiya a ranar, ta kuma kira ki. In fuska, leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama ta, asibiti kai tsaye da takardar a hannu, ba sai ta jira kin ɗaga waya ba.

Ki riƙe kwafin takardun a wurin da ba kowa ke buɗewa ba, tunda sirrin lafiyar mutane ne a ciki. Ke kuma ki riƙa sa safar hannu, don mai shafawa ma jikinta yana iya daina karɓar rinin.