Takardu Uku, Gini Ɗaya: Kada Mu Tsaya Ga Jimlar Ƙasa

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kurmi, akwai wata al'ada da ta fara kama mu wadda ni ina goyon bayanta, watau idan mutum ya tashi gini a gida ya nemi magina uku kowa ya rubuto masa kiyasin abin da aikin zai ci. Wannan ya fi a miƙa wa mutum guda aiki don kawai an san ubansa. Amma abin da ke biyo baya shi ne ba na goyon baya. Takardu uku su iso wa mutum yana rumfarsa a Agege ko Sabon Badun ko Shagamu, ya wuce duk abin da aka rubuta a sama, ya dubi jimlar ƙasa, ya ce wane ya fi tsoron Allah, a ba shi. Ni a ganina jimlar ƙasa ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a duba, domin sau da yawa takardun nan uku ba gini ɗaya su ke magana a kai ba.

Bari mu ɗauki misali, kuɗin da zan ambata kuwa na misali ne, ba farashin kasuwa ba. Wani ɗan'uwa mai sayar da shanu a Ikko yana so ya yi ɗakuna huɗu a jere a filinsa na gida, kowane ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, da bayan gida. Magini na farko ya rubuto naira miliyan 14, na biyu miliyan 12 da rabi, na uku miliyan 9. Tsakanin na farko da na uku miliyan 5 ke nan, kuɗin da zai sa kowa ya gyara zama.

To, kafin ya yanke shawara akwai lissafin da zai iya yi da kansa a bayan ambulan, shi ne lissafin bulo. Bulon da aka saba gini da shi tsawonsa inci 18 ne, watau ƙafa ɗaya da rabi. Bangon gaba da na baya kowanne ƙafa 48, sun zama 96. Bangaye biyar da su ka ratsa, biyu na gefe da uku na tsakani, kowanne ƙafa 12, sun zama 60. An samu ƙafa 156, a ƙara ɗan abin da kaurin bango ya ci a ce 160. In aka raba 160 da ɗaya da rabi, layi ɗaya na zagaye zai ci bulo wajen 107. Daga daɓe zuwa linta layi 9 ne, a sama da linta a ce layi 3, sun zama 12, watau bulo 1,284. A cire gurbin ƙofofi huɗu da tagogi huɗu, wajen bulo 130, saura kimanin 1,150. Sa'an nan harsashi, in an ba shi layi 4, zai ci wajen 430. Da na fashewa a hanya da wajen sauke kaya, duka aikin yana neman bulo kimanin 1,650.

Yanzu a koma kan takardu. Na farko ya rubuta bulo 1,700, na biyu 1,650, na uku 1,200. Ba sai an kira malamin lissafi ba, 1,200 bangon sama ne kawai, babu harsashi a ciki. Ko dai ya bar harsashi a waje da nufin ya zo da shi daga baya, ko kuwa yana da niyyar ya tona rami kaɗan ya jera layi ɗaya ya hau gini. Duk wanda ya ke nufi a cikin biyun, mai gida ne zai biya.

Da zarar an kama rami guda irin wannan, sai a ɗauki farar takarda a ja layi uku, a jera sassan gini daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ake yin sa: tonon harsashi da kankarensa, bulon harsashi, ciko da daɓe, bango, linta, katako da kwano, silin, ƙofofi da tagogi, filasta ciki da waje, wayar lantarki, ramin shadda, fenti. Kowane sashe a duba wa ya ambace shi, wa ya yi shiru. Inda magini ya yi shiru, kada a ɗauka yana ciki, a ɗauka ba ya ciki, a ari kuɗin da ɗan'uwansa ya rubuta a wannan sashe a ɗora masa.

A misalinmu, na uku bai ambaci bulon harsashi da ciko da daɓe ba, na biyu kuwa ya sa musu miliyan 1 da dubu 600. Bai ambaci ƙofofi da tagogi ba, miliyan 1. Babu silin, dubu 700. Ya rubuta bayan gida amma bai rubuta ramin shadda da bututunsa ba, dubu 900. An tara miliyan 4 da dubu 200. A ɗora a kan miliyan 9 ɗinsa, ya tashi miliyan 13 da dubu 200, ya wuce na biyu.

Adalci kuma ya shafi na farko, wanda aka yi wa kallon mai tsada. Shi kaɗai ya sa wayar lantarki da fenti, a kan miliyan 1 da dubu 100. Tun da sauran biyun ba su sa ba, a cire masa, ya sauko miliyan 12 da dubu 900. Ashe bambancin da aka gani miliyan 5, da aka daidaita takardu bai wuce dubu 700 ba, kuma wanda ya ke a ƙasa shi ya koma sama.

Wani zai ce ai na uku bai yi ƙarya ba, abin da ya rubuta shi zai yi. Haka ne, kuma ba kowane mai araha ne macuci ba. Akwai wanda ke buga bulonsa da kansa, akwai mai tifa tasa ta ɗibar yashi, akwai wanda damina ta hana shi aiki yana neman abin riƙe yaransa. Irin wannan in ka tambaye shi dalilin araharsa, zai faɗa maka nan take, kuma yawan kayan da ya rubuta zai yi kusa da na sauran. Shi kuwa ɗayan ya san abin da ya sani: mai gida yana Kurmi, ba ya zuwa sai da Salla, kuma da zarar an tona rami an zuba kuɗin farko, babu mai korar magini ya nemo wani. Nan ne za a bugo waya a ce, Alhaji, ai daɓe ba ya cikin jinga. Kai kuma ka riga ka faɗa wa iyali ranar tarewa, sai ka aika.

Sauran ɓarna ba ta fita a lissafin jimla ko an daidaita takardu, domin tana ɓoye a cikin sunan kaya. Kalma guda kamar "rodi" ba kiyasi ba ce. Rodi mai kauri milimita 12, sanda ɗaya mai tsawon mita 12, nauyinta ya kai kilo 10 da rabi. Mai milimita 10 kuwa ba ta kai kilo 7 da rabi ba. Wanda ya rubuta "rodi guda 30" bai faɗi kauri ba, ya bar wa kansa ƙofar da zai saye ƙarama ya karɓi kuɗin babba, kuma in an zuba kankare a linta babu mai sake ganinta. Haka kwano, bandir guda falle 20 ne ko na wane iri, amma akwai mai kauri, akwai wanda za ka lanƙwasa da yatsa biyu, wanda iskar farkon damina ke naɗewa. Haka bulo, inci 9 ne ko inci 6, kuma guda nawa ake fitarwa daga buhun siminti mai kilo 50? Mai buga wajen 30 na inci 9 da mai buga 50 duk bulo su ke kiran abinsu, amma na biyun kana murza gefensa yana zuba. Haka kankare, a rubuta awonsa: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, shi ne aka saba da shi a linta. Takardar da ba ta faɗi kauri da awo ba, a mayar wa mai ita ya cika, kuma magini na kirki ba ya jin haushin wannan.

Laifin dai ba na magina ne su kaɗai ba. Mu ma mukan jawo shi, domin mukan kwatanta wa kowane magini gidan ta waya da baki, a rana dabam, da kalmomi dabam. An ce wa wannan "har tarewa", an ce wa wancan "a dai rufe min shi". Yaya takardunsu za su zo ɗaya? Abin da ya dace shi ne zane guda, ko da na hannu ne mai awo, da jerin sassan nan guda, a ba kowa kwafi, kowa kuma ya je ya taka filin da ƙafarsa. Fili mai kwari yana cin tifa da yawa ta ciko, wurin da babu rijiya kusa kuma sai an sayi ruwa tun daga harsashi har filasta, kuma wanda bai je ba ba zai sa waɗannan a lissafi ba.

Akwai kuma tambaya guda da za a yi wa duka ukun, a rubuta amsarta a takarda: wannan farashi na kwana nawa ne, kuma in kaya sun tashi wa zai ɗauki ƙarin? Mun ga abin da ya faru a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya tashi daga wajen naira 5,000 har ya haura 10,000 a wasu garuruwa, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti a watan Fabrairu na shekarar aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Magini da ya ce farashinsa na wata ɗaya ne, kuma a ba shi kuɗin siminti da rodi ya saye yanzu ya ajiye, ya fi wanda ya ce kada ka damu Alhaji.

In an zaɓi mutum, wannan farar takarda mai jerin sassa ita ce za ta zama takardar biya. Kuɗin harsashi a ba da shi, a gama, wani naka da ke gida wanda ba shi da rabo a kwangilar ya je ya ƙirga layin bulo kafin a yi ciko, sa'an nan a saki na bango. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata 6 bayan an gama, saboda gyaran abin da ya ɓaci. A ginin ɗakuna huɗu ma ana iya yin haka, muddin an faɗa wa duka ukun tun kafin su rubuto kiyasi. A miliyan 12 da rabi, naira 625,000 ke nan, a bar ta a hannu har ruwan Agusta ya sauka a kan kwanon.