Sharhi: Mai digirin da bai koyi koyarwa ba, ta wace ƙofa zai shiga aikin malanta?

Duk shekara idan damina ta ja baya, aka soma zancen komawa lakwal a watan Oktoba, tambaya guda ce ke yawan iso mana daga Korahane da ƙauyukan kewaye, har da ƴan uwa mazauna Kano, Agadas da Libiya: "Yaronmu ya gama jami'a, yana da lisansi, ga shi zaune. Makarantu kuma na kukan rashin malamai. Me zai hana a ɗauke shi?"

Ana iya ɗaukarsa. Sai dai shiga aji daban, zama malami mai takardar koyarwa daban, kuma a tsakanin biyun nan ne matasanmu da yawa suka ɓatar da shekaru.

Mu ɗauki misali da saurayi ɗan shekara 25, wanda ya yi lisansi a fannin kimiyya a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Ya san darasinsa, amma ko kwana ɗaya ba a taɓa koya masa yadda ake koyarwa ba. Ƙofar da ta fi kusa da shi ita ce bautar ƙasa, wadda a nan Nijar shekara 2 ce, kuma an saba tura masu yin ta kwalejoji da lise-lise su riƙe aji. Ƙofa ta biyu ita ce kwantaragi. Tsarin nan ya samo asali ne daga ƴan sa-kai na ilimi da aka soma ɗauka a 1998, lokacin da ƙasa ke buɗe makarantu fiye da yadda take iya biyan cikakkun ma'aikata. Sannu a hankali ƴan kwantaragi suka zama su ne mafi rinjaye a cikin azuzuwa, musamman a karkara irin tamu. Abin da aka daɗe ana ba su a wata shi ne jika 75 a firamare, jika 100 a sakandare, kuma kowa ya san yajin aikin da ƙungiyoyin malamai suka sha yi a kan jinkirin biyansa.

To ga inda gizo ke saƙa. Waɗannan ƙofofi biyu suna ba da alli da allo, amma ba su ba da takardar malanta. Saurayin namu zai gama bautar ƙasa yana da shekara 27. In ya ƙara shekara 6 a kwantaragi, ya kai 33, mutanen gari na kiransa mushe, ga iyali, amma a cikin dosiyensa har yanzu lisansin nan ne kawai. Daɗewa a aji ba ta juyewa ta zama difloma. Shiga aikin gwamnati kuwa yana da iyakar shekarun haihuwa, wadda ake rubutawa a kowace sanarwar ɗaukar aiki. Wanda ya zauna jiran lambar aiki, wato matirkil, bai ƙara komai a takardunsa ba, yana iya wayar gari shekarun sun cim masa.

Ba mu manta da 2017 ba. A watan Yuli na shekarar, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa ƴan kwantaragin firamare jarrabawar Faransanci da lissafi. Kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka samu 10 bisa 20, kuma dubbai sun rasa aikinsu a bayanta. Ko mutum ya yarda da yadda aka yi jarrabawar ko bai yarda ba, ta nuna cewa kwantaragi rumfar kara ce, iska ɗaya ke kwashe ta.

Ƙofar da ke ba da takarda ta gaskiya ga mai digiri ita ce babbar makarantar horon malamai, ENS, da ke cikin jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ita ce ta daɗe tana ba da DAP/CEG ga malaman kwaleji, da CAPES ga malaman lise. Mai digirin jami'a CAPES ko abin da ke daidai da ita yake nufa, kuma horon na ɗaukar shekara 1 zuwa 2, gwargwadon matakin digirin da mutum ya shigo da shi. Ba a sake koya masa kimiyya daga farko. Ana koya masa halayyar yara da yadda suke fahimta, da dabarun koyar da darasinsa, da tsara takardar shirin darasi, da auna ɗalibai. Sannan a tura shi wata makaranta ya koyar a gaban gogaggen malami, a zo a duba shi a ba shi maki. Jami'o'in Tawa da Damagaram su ma suna da tsangayar ilimin koyarwa, abin da ya rage wa mutanen jihar Maraɗi dogaro da Yamai kaɗai, mai nisan fiye da kilomita 600.

Wasu iyaye kan ce, to ai ga makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo nan Maraɗi, kusa da gida. Gaskiya ne, amma ita malaman firamare take horarwa, takardarta CFEEN ce, kuma matakinta a aikin gwamnati yana ƙasa da na mai lisansi. Wanda zuciyarsa ke ga ƙananan yara, babu laifi ya bi ta. Wanda kuwa ya shige ta don gudun kuɗin mota da hayar ɗaki, ya sani ya sayar da shekaru 3 na jami'a da araha.

Akwai masu cewa duk wannan neman takarda ne kawai, wanda ya san lissafi ai zai iya koyar da shi. Mu shiga ajin farko na kwaleji mu gani. Malam ya rubuta 1/2 + 1/3 a allo. Yara da yawa za su ce 2/5, domin sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wanda bai samu horo ba zai ja jan layi, ya sake rubuta ƙa'idar da Faransanci, yara su kwafe, gobe su maimaita kuskuren. Wanda aka horar ya san da wannan kuskure tun kafin ya shigo aji, ya shirya masa. Zai ce: ga tiya 30 ta hatsi. Rabinta nawa? 15. Kashi ɗaya bisa uku fa? 10. An haɗa, 25. To 2/5 na tiya 30 nawa ne? 12. Yaya za a ƙara wa 15 wani abu ta koma 12? Nan yaro da kansa zai ga amsarsa ba ta yiwuwa, daga nan a kai shi ga 5/6. Lissafin duka biyun sun san shi. Bambancin shi ne ɗaya ya san inda yaro ke tuntuɓe.

Uba ko da bai yi boko ba yana iya gane irin malamin da ɗansa ya samu. A buɗe littafin yaro. In shafuka cike suke da dogon rubutun da aka kwafa daga allo, babu aikin da yaron ya yi da kansa, babu gyaran malam, kuma yaron ba ya iya faɗin abin da ya koya da Hausa, to lacca irin ta jami'a ake yi wa ɗan shekara 12. Ba mugunta ba ce. Malamin yana koyarwa ne yadda aka koya masa a ƙarshe.

Ba za mu ɓoye ba, takardar ENS ita ma ba ta zuwa da matirkil a aljihu. Akwai masu ita da ke kan kwantaragi, suna jiran ranar da baitulmali zai buɗe guraben aiki. Amma idan aka buɗe, mai takardar koyarwa yana da hujjar da ɗan uwansa ba shi da ita, kuma makarantu masu zaman kansu a Maraɗi da Yamai ma sun san darajarta. Shi ya sa a ganinmu, saurayin nan ya karɓi bautar ƙasa, ya karɓi kwantaragi in ta samu, domin ciki ba ya jira, amma ya ɗauke su a matsayin zango. Tun shekarar farko ya sa ido kan sanarwar jarrabawar shiga, wato kwankur, ya kuma zauna da takardunsa a shirye: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kwafin digiri da hukuma ta buga wa hatimi, takardar likita, da takardar kotu mai nuna ba shi da laifi. Wannan ta ƙarshen wata 3 kawai take aiki, don haka ba a karɓo ta tun da wuri a ajiye. Daga ƙauye, sanarwa kan iso a makare, saura ƴan kwanaki a rufe. Mai ɗan uwa a Maraɗi ko Yamai ya ɗora masa wannan aikin na saurare.

Wani abin lura shi ne fanni. Ana horar da malami ne a kan darasin da ake koyarwa a makaranta: lissafi, kimiyya, Faransanci, Ingilishi, tarihi da labarin ƙasa, da sauransu. Mai lisansin lissafi hanyarsa a miƙe take. Mai lisansin shari'a ko ilimin zamantakewa kuwa, ko da ya shekara biyar yana koyar da Faransanci a kwalejin ƙauye saboda babu wani, sai ya bincika tun da wuri ko sanarwar ta karɓi irin digirinsa. Haka kuma takardun halartar taron ƙara wa juna sani na kwana biyar ko goma, irin waɗanda ƙungiyoyi ke rabawa, suna da amfani a aji, amma ko an tara goma ba su zama difloma. Duk makarantar kuɗi da ta yi alkawarin takardar koyarwa, a tambaya a ofishin ilimi na Dakoro ko gwamnati ta san da ita, kafin a sayar da rago.

Ga ƴan uwanmu da ke Najeriya, tsarin can ya fi fitowa fili. Mai digirin da ba na koyarwa ba yana yin PGDE, kusan shekara 1, a jami'a ko ta hannun cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda ke ba da dama mutum na aiki yana karatu. Daga nan ya yi jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN. Wannan sassaucin na karatu ba tare da barin aji ba shi ne abin da ɗan kwantaragin Korahane ya fi buƙata, domin barin jika 100 a tafi birni shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga mai mata da ƴaƴa. Sai dai wanda ya yi digiri ko PGDE a Kano ko Sakkwato ya sani, in zai dawo gida da su, sai ya nemi takardar daidaita digiri daga hukumomin ilimi mai zurfi a Yamai, kuma aikin na cin lokaci. Sannan ga harshe. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma littattafan kwaleji da jarrabawar BEPC har yanzu da Faransanci suke. Wanda ya yi karatunsa da Ingilishi, darasin Ingilishi ne ƙofarsa mafi sauƙi. In kimiyya yake so ya koyar, sai ya fara da gyara Faransancinsa kafin ya kai dosiye.