Kafin ka ƙwace wayar, ka duba abin da ta ture

Daga Tanut har Balbeji, duk inda iyaye suka zauna yanzu sai ka ji an ce waya ta lalata yara. Ni ma na faɗi haka, har na taɓa ƙwace ta ɗan yayana na kulle a akwati. Yau ina ganin mun yi gaggawar hukunci. Muna ƙirga awowin da yaro ya yi riƙe da salula, alhali abin da ya kamata mu duba shi ne me salular ta ture daga rayuwarsa, kuma ko yana iya ajiye ta in ya yi niyya.

Bari in ba ku labarin yara biyu na gidanmu, dukansu ƴan shekara goma sha shida.

Na farko, ɗan yayan nawa, da rani sai ya wuni a fada, ana dafa shayi ana buga Free Fire da wasan ƙwallo na waya, wata rana awa biyar. Hankalinmu ya tashi. To amma da ruwan shuka ya sauka, shi ne kan gaba zuwa gona, a can kuma babu rezo balle wurin sharji. Ya yi kwana biyu yana ƙunƙuni, ya manta. Da aka koma lakwal a watan Oktoba, makinsa bai sauka ba. Wannan yaron sabo ne ya kama shi, irin na wanda rani ya bari ba aikin yi.

Na biyu ɗan ƙanwata ne, kuma awowinsa ba su kai na farkon ba. Sai dai shi cikin dare yake yi, ƙarƙashin bargo, daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku. Asuba ta fara wuce shi. Mushensu ya aiko cewa yana barci a aji, a shekarar da zai zana BEPC. Ya bar ƙwallon da yake so tun yana ƙarami. Sau uku ya rantse wa uwarsa ya daina, sau uku ya koma. Ranar da muka gane lamarin ya yi nisa ita ce ranar da aka ga gero yana raguwa: tiya ɗaya-ɗaya yake ɗiba ya sayar, ya biya sharji ya sa kiredi. Da aka tsare shi ya yi kuka, amma a daren ya ari wayar abokinsa ya ci gaba.

Bambancin yaran nan biyu shi ne ainihin abin da likitoci suke dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022. A cikin sharuɗɗan babu adadin awowi. Abu uku ta ambata. Na ɗaya, mutum ya kasa mallakar wasan: lokacin farawa, tsawonsa da lokacin tsayawa duk sun kuɓuce masa. Na biyu, wasan ya hau gaban sauran lamurran rayuwa. Na uku, ya ci gaba ko ma ya ƙara alhali yana ganin ɓarnar da ake yi. Dole kuma ɓarnar ta zama babba, a karatu ko aiki ko zaman gida, kuma galibi sai an ga haka na aƙalla wata goma sha biyu, in ba abin ya tsananta ƙwarai ba. Hukumar da kanta ta ce ƙalilan ne daga masu wasan suke kaiwa nan. Ku lura kuma, wannan hukunci a kan wasa yake. Yawan kallon TikTok ko hirar WhatsApp ba su shiga kundin a matsayin cuta ba, ko da yake tambayoyin nan uku suna da amfani a kansu, ga maza da ƴan mata duka.

Wani zai ce, ni ba likita ba ne, kuma ba zan zauna ina jiran shekara ba. Gaskiyarka. Ga gwajin da muka yi a gida, na sati biyu, ba ya cin ko dala.

Da farko a zauna da yaron, a buɗe wayar tare da shi. A yawancin wayoyin Android, cikin Paramètres akwai wurin da ake kira Bien-être numérique, yana nuna awowin kowace rana da abin da ya cinye su. Kada a yi a ɓoye, don wanda aka yi wa leƙen asiri ɓoyo zai koya. Sannan a yi yarjejeniya guda ɗaya tak: ƙarfe goma na dare waya ta bar ɗakin kwana, ta kwana wurin uba ko uwa. Na zaɓi dare ne saboda masana barci suna cewa matashi yana bukatar awa takwas zuwa goma, wanda kuwa ya kwanta ƙarfe uku ya tashi lakwal ko rabi bai samu ba.

Fushin kwana biyu ko uku na farko ba ya nuna komai, ko babba aka hana shi shayin safe zai murtuke. Abin dubawa shi ne sati na biyu. In barci ya dawo, ya koma cikin abokai, ya cika alkawari ko da yana gunaguni, to sabo ne, doka ta ishe shi. In kuwa ya shiga ƙarya da aron waya da ɗaukar kuɗi, ko ya daina cin abinci, ko ya ɗaga hannu ga na gida, to lamarin ya wuce faɗa. A kai shi likita a Tanut ko Balbeji, a nemi su tura shi wajen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa a Damagaram in da bukata. In ya ambaci kashe kansa, a ranar za a tafi. In kuma wasan na zuba kuɗi ne don a ci riba, wannan caca ce, matsala ce daban, ba a yi mata gwajin sati biyu.

Akwai abin da muka kusa kuskurewa game da ɗan ƙanwata. Da aka lallashe shi ya yi magana, sai ga shi tun bara lissafi ya kuɓuce masa, ana yi masa dariya a aji, ya riga ya yanke wa kansa cewa BEPC ba zai ci ba. A cikin wasa ne kaɗai yake cin nasara. Da mun fasa wayar mun yi masa bulala, da mun rufe ƙofar da ya gudu ya fake, mun bar abin da ya koro shi. Sau da yawa ƙuncin zuciya ko faɗuwar karatu ne a ƙasa, wayar tana sama. Mun samo ɗalibin da ya girme shi yana yi masa bitar lissafi da yamma, waya kuma tana kwana wurin uwarsa. Ya karya dokar sau biyu a watan farko. Ba zan ce ya warke ba, amma yana sallar asuba, kuma gero ya daina raguwa.

Roƙona ga iyaye da malamai da shugabannin fada shi ne mu daina yi wa kowane yaro mai waya kuɗin goro. In muka kira kowa maras lafiya, wanda yake nutsewa da gaske zai ɓace cikin taro. Mu kuma manya da muke latsa tamu har tsakar dare, dokar ƙarfe goma ta fara daga kanmu. Allah Ya shirya mana zuri'a.